Wasiƙa daga Jibiya: kwanukan malamin labarin ƙasa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi baki ɗaya. Mu nan sai godiya, ban da zafi da ya sa mu a gaba.

Dalilin rubuto maka shi ne wani darasi da na gani ranar Talata. Na leƙa aji shida in karɓi rajista, sai na tarar da sabon malaminmu na labarin ƙasa ya jera kwanukan sha guda huɗu a kan tebur, kowanne ya fi na kusa da shi girma. Ka san ni da son ganin ƙwaf, na ja benci na zauna a baya.

Ya ɗaga ƙaramin ya ce wannan mazaɓarku ce, inda ake zaɓen kansila. Ya jefa shi cikin na biyu, ya ce ga ƙaramar hukumar Jibiya, mai ciyaman. Wannan kuma ya shiga na uku, wato Jihar Katsina, wadda ke ɗauke da irin waɗannan kwanuka har 34. Babban shi ne Najeriya: jihohi 36, ƙananan hukumomi 774. Yara suka amsa a tare, kamar masu karatun allo.

Sai ya tambaye su, to birnin Katsina fa, wane kwano ne? Hannuwa suka tashi, kusan kowa ya ce na uku. Malam ya yi murmushi, ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya. Ya ce babban birni ba kwano ba ne, gari ne da aka zaɓa aka ajiye gwamna da majalisa da sakatariya, shi ma a cikin wata ƙaramar hukuma yake zaune kamar kowane gari. Ya saka goron a wani ƙaramin kwano, ya sa kwanon cikin na jiha. Abin da ke rikita yaranmu, in ji shi, suna ɗaya ne yake aiki huɗu: Katsina gari, Katsina ƙaramar hukuma, Katsina jiha, ga kuma Masarautar Katsina. Mutumin Funtuwa ɗan Jihar Katsina ne, amma in ya ce zai je Katsina, mota zai hau.

Don ya gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai, sai ya koma jihohin da sunansu bai zo ɗaya da na babban birninsu ba. Jigawa? Wani yaro ya ce Jigawa, aji ya fashe da dariya, wata yarinya ta gyara masa ta ce Dutse. Zamfara suka ce Gusau, Yobe Damaturu. Da aka zo Neja kuwa wani ya yi tsalle ya ce Yamai! Nan na tuna da kai. Malam ya bambance masa Jihar Neja mai hedikwata a Minna da ƙasarku Nijar.

Ita yarinyar ce ta sake tambaya ko Abuja a wace jiha take. Ya ce ba ta cikin kowace. Yankinta daban aka ware, ba shi da gwamna sai minista, kuma an raba shi majalisu shida, irin su Gwagwalada da Kuje da Bwari. A 1991 gwamnatin tarayya ta baro Legas ta koma can.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ya ce kwanukan nan mutane ne suka ƙera su, ana kuma sake su. Ni da kai shaida ne, Jihar Kaduna muka riƙa rubutawa a bayan littattafanmu har 1987 da aka yanke Katsina. Iyayenmu kuwa tsakanin 1967 da 1976 Jihar Arewa ta Tsakiya suka sani, alhali ko taku ɗaya Jibiya ba ta gusa ba.

Wuri ɗaya na ga ya yi sauri, na kuwa gaya masa bayan an tashi: maganar gunduma. A bakin yaranmu gunduma ƙasar hakimi ce, tsaninta kuma daban: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Jihar nan ɗaya masarautu biyu ne a cikinta, Katsina da Daura, kuma iyakar hakimi ba dole ta faɗa daidai kan ta ciyaman ba. Ya ce zai zo da ƙorai mako mai zuwa, kada su cakuɗa da kwanukan.

Ga roƙona. Na san a wajenku Maraɗi jiha ce, kuma Madarunfa da Tasawa da Dakoro gundumomi kuke ce musu, ka ga kalmar ɗaya, ma'ana biyu. Don Allah ka rubuto min tsaninku daga ƙauye har Yamai, da sunan mai riƙe da kowane mataki yadda kuke faɗa, ka ba direban da ke kawo maka saƙona kafin Talata.

A gaida uwargida da yara.

Naka amini,
daga Jibiya