Yayata na son wanda ba ta taɓa gani ba, ga shi ana neman kuɗin fito da akwati

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Maganar yayata ce ta hana ni barci. Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta. Wata biyu da suka wuce wani ya turo mata saƙo a Facebook, ya ce injiniya ne a wurin haƙar mai da ke tsakiyar teku, matarsa ta rasu ta bar masa yarinya ɗaya. A kwana na huɗu ya ce su koma WhatsApp, kafin kwana goma har ya fara ce mata "matata". Duk sa'ad da ta nemi kiran bidiyo sai ya ce dokar wurin aiki ta hana kunna kyamara. Sau ɗaya ya ɗauka, fuskar ta bayyana kamar daƙiƙa biyar, baki na motsi babu murya, sai kiran ya yanke.

Makon jiya ya ce ya aiko mata da akwati, a ciki akwai waya da sarƙar gwal da tsabar kuɗi dala 40,000, wai ta ajiye masa har ya zo. Ya haɗa da hoton rasit da lambar bin sawun kaya. Wata mata ta kira da sunan kamfanin aika kaya ta ce a biya dala 300 kuɗin fito, yayata ta tura a wani asusu mai ɗauke da sunan mutum. Jiya matar ta sake kira, wai na'ura ta gano kuɗi a cikin akwatin, sai an biya dala 1,200 cikin awa 48, in ba haka ba a kama wadda sunanta ke kan kayan. Yanzu rance take nema a wurina. Da na nuna shakka sai ta ce hassada ce. Anti, ta yaya zan nuna mata gaskiya ba tare da zumuncinmu ya ɓaci ba? Kuma ko waccan dala 300 za ta dawo?

Ƙanwarki mai sauraro.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ba da rancen nan, domin babu wani akwati. Injiniyan da matar kamfanin tafiyarsu ɗaya, wataƙila ma a ɗaki ɗaya suke zaune.

Dubi yadda aka gina labarin. Aikin teku, ko sojan da aka tura fagen daga, ko likita a sansanin yaƙi, ana zaɓarsu ne don suna ba da uzuri uku a lokaci guda: ba zai iya zuwa ba, ba zai yi bidiyo ba, ba zai iya taɓa asusunsa ba. Gaggawar komawa WhatsApp kuwa don ya san ana iya rufe shafinsa na Facebook da zarar wata ta kai ƙara. Bidiyon daƙiƙa biyar ɗin nan, galibi tsohon faifan mai hoton ne ake haskawa, shi ya sa babu murya. Kalmar "matata" a kwana goma ita ce jarinsa. Yana so kafin maganar kuɗi ta taso, ta riga ta ɗauke shi miji, yadda ƙin biya zai zame mata kamar cin amana.

Akwatin shi ne ƙugiyar. Da ya ce ta ba shi kuɗi, da ta farga. Sai ya juya abin ya zama shi ne mai bayarwa, ita kuma tana ganin mene ne 300 a gaban 40,000. Kuɗin farko gwaji ne kawai. Wadda ta biya shi an san za ta biya na biyu, kuma bayan 1,200 akwai kuɗin lauya, akwai na inshora, har sai ta tsiyace. Barazanar kamu da wa'adin awa 48 an sa su ne don kada ta samu sararin yin shawara. Ba a kama mutum a kan akwatin da babu shi. Manyan kamfanonin aika kaya ba sa karɓar tsabar kuɗi a cikin ƙunshi, harajin kaya kuma ba a biyan shi a asusun wani mutum, ko da katin kyauta, ko da kuɗin kirifto.

Wajen shawo kanta, kada ki soki mutumin, kada kuma ki ce mata "da girmanki". Tun tuni ya gaya mata cewa 'yan uwa za su yi baƙin ciki, don haka duk faɗan da kika yi gaskata shi kike yi. Ki ce mata, "Yaya, kafin in ba ki kuɗin mu tabbatar kayan na nan." Ki bar ta ta riƙe wayar da hannunta. Ku sa hotunansa a Google Lens ko TinEye, masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa fuskar kan fito da wani suna a wata ƙasa. Amma rashin fitowarta ba shaida ba ce, don akwai hotunan da binciken ba ya kamawa. Sannan ku kwafi jimla ɗaya daga cikin kalamansa na soyayya ku nema a Google tsakanin alamun zance, kuna iya tarar da ita kalma da kalma a inda wasu suka kai kuka. Lambar bin sawun kuma kada ku gwada ta a adireshin da suka turo, shafin nasu ne, zai nuna abin da suke so. Ku rubuta sunan kamfanin da kanku ku ga ko yana da ofishi da lambar da ba ta hannunsu ta fito ba.

Gwaji na ƙarshe ya fi duka ƙarfi. Ta rubuta masa cewa ba ta da ko sisi, kuma tana son su yi hira ta bidiyo ta minti goma. Ku zuba ido kwana biyu. Ko ya yi fushi ya ce ba ta yarda da shi ba, ko ya ce 'yarsa ta kwanta asibiti ba zato. Ko da ma ya yi bidiyon kada hakan ya sa a biya, yanzu ana iya sauya fuska a cikin kira.

Batun dala 300, gaskiya dawowarta da wuya, don irin wannan asusu ana kwashe shi cikin sa'o'i. Duk da haka ta kira bankinta yau, ta lambar da ke bayan katinta, ta ce damfara ce, ta ba da rasit, a nemi bankin da ya karɓa ya riƙe abin da ya rage. Kafin ta toshe shi ku ɗauki hoton hirar duka da lambobin waya da lambar asusun, ku kai wa 'yan sanda, ku kuma kai ƙarar shafinsa wurin Facebook. In ta taɓa tura masa hoton katin shaida ko lambar sirri, a sanar da banki a sauya komai. In akwai hoton da bai kamata ba kuma ya fara barazana da shi, kada a biya, biya ƙara masa ƙaimi yake yi. In ya ce zai turo kuɗi asusunta ta wuce da su wani wuri, ta ƙi, kuɗin wata mata ne da aka cuta, kuma sunan yayarki bincike zai fara samu.

Kunya za ta kama ta, sai ki gaya mata ba ita kaɗai ba ce. A Amurka kawai, hukumar kare masu sayayya ta FTC ta ce a shekarar 2022 kusan mutum 70,000 suka kai ƙarar irin wannan damfara, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Za ta yi kewar saƙon safe da na dare ko da ta gane ƙarya ne, kuma a makon farko bayan rabuwa ne ake komawa, don haka ki riƙa kiranta a daidai lokutan da ya saba. Nan gaba kaɗan wani zai iya ɓullowa da sunan lauya ko jami'i, ya ce zai ƙwato mata kuɗinta in ta biya wani abu. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarta.