Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hakiminmu: ayar shawara bayan Uhudu ta sauka

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma.

Tun da shawarar da dagatai suka bayar kan burtali ta haifar da rigima, ba a sake kiran zama a fada ba. Na ji wasu na kusa da kai suna kafa hujjar daina shawara da "fa iza azamta fa tawakkal alallah", wato in ka ƙudura niyya ka dogara ga Allah. Wutsiyar aya suka kama. Ina roƙon ka dubi lokacin da ta sauka.

Aya ce ta 159 a Suratu Ali Imrana, cikin ayoyin da suka yi bitar yaƙin Uhudu na Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira. Da Ƙuraishawa suka taso su 3,000, Annabi (SAW) ya tara sahabbai. Ra'ayinsa a tsaya cikin Madina, amma da yawa, musamman waɗanda Badar ta wuce su, suka nace a fita. Ya bi su. Da ya sa sulke suka yi nadama suka ce a fasa, ya ƙi. Aka fita su 1,000, Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da 300. Maharba 50 da aka girke a kan tudu, yawancinsu suka sauko neman ganima, sahabbai kusan 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza.

Bayan wannan ne Allah ya ce masa ya yafe musu, ya nema musu gafara, kuma ya riƙa shawara da su. Mutanen da aka fita bisa ra'ayinsu, ciki har da waɗanda suka bar tudu da waɗanda suka juya baya, su aka ce a koma a tambaya. Da bayan nasarar Badar aka ba da umarnin, sai a ce ladan kyakkyawan ra'ayi ne. Tunda bayan asara ya zo, mummunan sakamako ba ya soke zaman shawara.

Ƙudurin ma lokacinsa ya fassara shi. Abin da Annabi ya ƙi warwarewa bayan sa sulke, matsayar da aka cimma ce, wadda ba ita ya fi so ba tun farko.

Gaskiya ne malamai sun saɓa kan ko dole shugaba ya bi abin da shawara ta tsayar. Amma shekara biyu bayan haka, a yaƙin gwalalo, Annabi ya so bai wa ƙabilar Gaɗafan sulusin dabinon Madina don su janye, ya tambayi Sa'adu ɗan Mu'azu da Sa'adu ɗan Ubada, suka ƙi, ya bar maganar.

Ranka ya daɗe, damina na tafe kuma iyakar burtalin tana nan ba a tsayar ba. A kira dagatai, da ardo, da sarkin noma, kafin a fara shuka.

Naka mai biyayya,
wani malamin Islamiyya a gundumarka