Ƙullutu a mamana, yayar maigida ta ce ciwon daji ba ya son ƙarfe

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara girma. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaruna 41, ina sayar da atamfofi da mayafai a Babbar Kasuwar Katsina. Jiya da dare maigidana ya ce in na bari aka soka min allura a mama, to in kuka da kaina. Ban runtsa ba har asuba.

Tun kafin azumi na ji wani ƙullutu a maman hagu, ta sama wajen hammata, kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa na share. Kuma lokacin cinikin Sallah ne, na ɗauko kaya bashi daga Kantin Kwari, ga zubin adashi, wa zan bar wa rumfa? Yarinyar da ke taya ni ko canji ba ta iya bayarwa ba. Na ce al'ada ce, in ta wuce zai baje. Ta zo ta wuce yana nan daram, ya ma ƙara tauri, ko na tura shi da yatsa ba ya motsi.

Da na faɗa wa maigida, bai ko tambayi yadda nake ji ba, sai ya kai maganar gidansu. Yayarsa ta aiko da wani garin magani a riƙa kwaɓawa ana shafawa, ta ce daji ba ya son ƙarfe, wai maƙwabciyarsu daga yi mata aiki ta rasu. Na shafa har fatar ta saɓule, don a zauna lafiya. Ita dama ba ta taɓa son kasuwancina ba.

Yanzu kan maman ya fara shigewa ciki, fatar gefen ta yi kamar ɓawon lemo, ga kaluluwa a hammata. Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen kaya wurina ta duba ni a bayan rumfa, na ga fuskarta ta canza. Ta ce ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma mai tauri marar ciwo irin wannan ba a zama da shi. Likita zai taɓa, a yi hoto, sannan a ɗebi ɗan tsoka da allura a kai awo, shi kaɗai ke nuna ko mene ne. Ta ce allurar ba ta watsa ciwon, masu rasuwa bayan aiki galibi sun zo ne ya riga ya bazu.

Na yanke shawara ranar Litinin zan je Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuɗin adashina na hannu. Hajiya, in sake roƙonsa ne, ko in sa yayana ya yi masa magana? In likita ya ce sai an cire maman, maigida kuma ya ƙi, hannun wa za a nema a takardar, nawa ko nasa?

Taku a Ƙofar Marusa, Katsina.