Sanarwa kan lambar kaya

Assalamu alaikum ƴan uwa masu shigar da kaya a shago.

Daga yau kada kowa ya ƙirƙiri sabuwar lamba sai ya bincika rajista tukuna. Abin da ke jawo mana matsala shi ne kaya ɗaya ya shiga sau biyu: wani ya rubuta "man gyaɗa lita 5", wani ya rubuta "mai 5 lita". Sai lissafi ya rabu gida biyu, layi ɗaya ya ce kaya sun ƙare alhali suna jibge a sito, mu sake saro abin da muke da shi.

Ga tsarin: haruffa uku na rukuni, sannan lamba huɗu a jere. Man girki `MAI`, shinkafa `SHK`. Jarkar man gyaɗa mai lita 5 ta zama `MAI-0012`, mai lita 25 kuma `MAI-0013`, domin girma daban kaya ne daban.

Don Allah kada a cusa farashi ko sunan dila cikin lambar. Farashi na canjawa, dila ma haka, ita kuwa lamba ba a taɓa ta. Idan mun daina sayar da abu, lambarsa ta tafi ke nan, ba a ba wani, in ba haka ba tsoffin rasitai za su riƙa nuna kayan da ba su ba.

Suna kuma: iri, kamfani, girma, a wannan jerin kullum. Wajen bincike ku rubuta guntun kalma kamar `gya`, saboda wasu na rubuta ɗ, wasu d. Wanda ya ga layi biyu masu kama da juna ya turo hotonsu nan kafin a goge ɗaya, a fara haɗe adadinsu.

Na gode.