Wasiƙa ga Iyaye: Akwatin Sa'a a Wasannin Waya

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu na nan Gusau.

A wannan zangon, malamai sun sha jin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare suna hirar wanda "ya ci" da wanda "ya yi asara". Da muka bincika, sai muka tarar maganar akwatin sa'a ce da ke cikin wasannin waya irin su Free Fire da PUBG Mobile.

Ga yadda abin yake. Yaro zai sayi lu'ulu'u ko sulallan wasa da kuɗi na gaske, sannan ya biya da su a buɗe masa akwati ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Yana fatan riga ko bindiga mai wuyar samu, amma galibi tarkace ke fitowa. Mu ɗauka damar samun rigar 1 ce cikin 100, kuma kowace buɗewa naira 200 ce. Yaro na ganin in ya buɗe sau 100 dole ta fito. Ba haka lissafin yake ba, domin in wasan bai yi alkawari ba, kowace buɗewa sabuwa ce. Cikin yara 100 da kowannensu ya kashe naira 20,000, kusan 37 za su tashi ba rigar. Saboda irin wannan ne hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce a 2018 akwatunan da ake saya da kuɗi caca ne.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wasan gidan caca na sulallan bogi. Uba zai ce ai ba kuɗi ake ci ba, kuma da gaskiyarsa, sulallan ba sa komawa naira. To amma kyauta ake fara ba yaro su, ya ci, waya ta yi ƙara da walƙiya. In ya faɗi, sai a nuna masa saura ƙiris. Sulalla na ƙarewa, a ce ya jira ko ya saya. Nan yake koyon bin asara, wato ƙara zubawa don ya dawo da abin da ya tafi. Ranar da wani a gidan kallon ƙwallo ya nuna masa manhajar caca, hannunsa ya riga ya saba.

Ku lura in kuɗin tara ko katin waya na ƙarewa ba bayani, ko yaro na yawan zuwa wurin mai POS, ko yana cewa "sau ɗaya kawai ya rage". Ku cire katin banki daga wayar da yake taɓawa, ku sa Play Store ya riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye. Don Allah kada a fara da bulala, domin ɓoyewa zai koma yi. Ku ce ya buɗe wasan ya nuna muku inda ake saye.

Wanda saita wayar ya gagare shi, ya zo da ita taron iyaye da malamai, malamin kwamfuta zai taimaka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta