Wasiƙa zuwa ga aminina a Maraɗi kan maganar shago

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ga saƙonka cewa kai ma kana neman shagon kayan waya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa maka yadda nawa ya kasance a nan Kano tun kafin ka ba wani dillali ko sisi.

Shago biyu aka nuna min. Na farko a bakin titin Gidan Zu, haya naira 900,000 a shekara, wallahi ina ganinsa raina ya biya, ga tayil ga ƙofar gilas ga motoci ba sa yankewa. Na biyu a cikin Sheka, kusa da masallaci da inda ƴan adaidaita ke sauke mutane, 540,000 aka ce, ba wani kyan gani. Saura kaɗan in biya na farkon, yayana ya ce in je in ƙirga mutane tukuna.

Na ɗauki ɗan carbin nan na dannawa na yi kwana uku ina zama a kowane waje, da safe da kuma bayan la'asar zuwa isha. Motoci ban sa su a lissafi ba, mai ƙafa kawai nake dannawa. A bakin titin mutum kamar 70 ke wucewa a awa ɗaya kuma duk sauri suke, ba wajen fakin, sannan shagon na ɓangaren da mutane ke bi da safe in za su aiki, da yamma kuwa lokacin da kuɗi ke aljihu ta tsallake suke komawa, wa zai tsallaka titi mai hannu biyu don kebur ɗin caja? Ga rana tana dukan ƙofar tun azahar. A Sheka bayan magariba na ƙirga sama da 200 a awa ɗaya, kuma tsayawa suke, wani na jiran canji, wani na sayen tsire, wani ya fito daga sallah. Mai tsayawa shi ke sayen kaya.

Sai na yi lissafi na rana. Na titi in ka haɗa la'adar dillali kashi 10 cikin 100 da gyaran kanta ya kai 1,080,000, raba da kwana 360 ya zama 3,000 kullum kafin in ci ko kwabo. Ribata a kan mutum ɗaya ba ta wuce 400 ba, kenan mutum takwas na farko mai shago na yi wa aiki.

Maganar masu irin sana'ata kuma, kar ka ce ko'ina ka ga abokin sana'a gudu za ka yi. A kasuwar waya ta Fam Santa ɗaruruwan masu waya ne jere da juna kuma kowa na ci, don mutane takanas suke zuwa. Amma a unguwa ba haka ba ne, masu sayen ba sa ƙaruwa, rabawa za ku yi. Kusa da na titin akwai uku da suka daɗe, a Sheka mai gyaran waya ɗaya ne kuma ba ya ajiye kaya, yanzu ma shi ke turo min mutane.

Na Sheka na zaɓa, cinikinsa ne ya ɗau sati biyu. Mai shagon ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule, na ce Alhaji in na ba ka wannan da me zan zuba kaya? Na riga na ji daga mai shayin wajen cewa wata biyar shagon na rufe, na kuma nuna masa tabon yoyo a silin. Muka tsaya a 480,000 shekara ɗaya, da la'ada da fenti ya zama 540,000, wato 1,500 a rana, gyaran rufi a kansa.

Abin da ya fi damuna ka kula da shi shi ne takarda. Ashe gidan na gado ne, sai da na dage duk magada suka yarda da wanda zai karɓi kuɗin, aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu: ba ƙarin haya a shekara ta biyu, notis wata shida in za a tashe ni, kantar da na kafa tawa ce in zan fita. Inda na yi sake shi ne wuta, mita ɗaya muke da mai injin markaɗe kuma ban sa an rubuta yadda za a raba ba, har yau duk wata sai mun yi ta magana.

Kai ma ka je ka ga wajen bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka duba ko kwata na shigowa. Ka turo min kuɗin da aka yanka maka da sefa da abin da ka ƙirga, mu buga lissafin tare. A gaida su Abba da mutan gida.

Naka har kullum,
Amininka na Kano