Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Masu Kitso da Gyaran Gashi a Jos

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Kamar yadda aka saba, sakatariya ce ke gabatar da wannan rahoto a madadin shugabanni. Bayanin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, za ta karanta shi daban a wurin taro.

Taron wata-wata bai yanke ba a bana, sai dai na watan azumi da aka haɗe da na bayan ƙaramar Salla. Adashe ya zagayo lafiya. An je gaisuwar haihuwa da ta rasuwa, Allah ya raya waɗanda aka haifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. An kuma yi zaman koyar da tsabtace kayan aiki, inda aka nuna yadda ake gane makero a kan yaro: gashin wurin yakan kakkarye, fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, a zagaye. Irin wannan kai ba a sa masa matajin da za a sa wa wani, a lallashi uwar ta kai shi asibiti tukuna.

Amma abin da ya fi cin lokacin shugabanni a bana shi ne lamarin ƙanwarmu guda, wadda ta tashi daga rumfar bakin titi ta koma shago mai rajista. Da izininta muke ba da labarin, ta dai roƙa kada a ambaci sunanta. Mun tsawaita a kansa ne domin akwai da dama a cikinmu da ke shirin bin wannan hanya.

Yadda abin ya faro

Yawancinku kun san rumfarta a wajen Terminus: benci ɗaya, kujera 'yar tsugunno, madubi a rataye jikin ƙusa, da tsohon zane da take karewa da shi. Hannunta na da kyau, musamman a shuku da kalaba, ga sauri. A watan Maris gwamnatin Filato ta fito da dokar zartarwa mai lamba 003, hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, kuma ta shiga aikin kawar da rumfuna da masu kasa kaya a bakin manyan tituna. Rumfarta na cikin waɗanda abin ya shafa. Ga ƙaramar Salla ta matso, ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, lokacin da mai kitso ke tara abin da zai riƙe ta wata da watanni. Bin gidaje ta yi da jakarta har Sallar ta wuce, sannan ta zo wurin shugaba ta ce, "Hajiya, ni fa na gaji da gudu da benci. Shago nake so, wanda ke da takarda."

Shugaba ta tambaye ta abin da ta tara. Bai kai kuɗin hayar shekara ba. Aka roƙi wadda ke da kwasar adashe ta gaba ta yi musaya da ita, ta kuwa amince ba tare da jan rai ba, Allah ya saka mata. Da wannan aka kama ɗan ɗaki a wani layi da ke bayan titin Bauchi. Mun nace sai an rubuta yarjejeniyar haya, da lambar gida da sunan layi, mai gida ya sa hannu a gaban shaidu. A lokacin ta ga kamar muna wahalar da ita ne, amma wannan adireshin ne aka yi ta nema daga baya a wurin rajista da banki.

Rajistar kanta

Hukumar CAC ce ke rajistar kasuwanci a Najeriya, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Abin da ya dace da mai shago ita kaɗai shi ne rajistar sunan kasuwanci, ba kamfani ba. Dokar ta ce wadda ke sana'a da ainihin sunanta zalla, ba ƙari, ba dole ta yi rajista ba. Da zarar an ƙara wata kalma, ko an laƙaba wa shagon wani suna aka rubuta a allo, to ana so a yi rajistar cikin kwana 28 da fara aiki da sunan.

Ana farawa ne da kama suna a shafin hukumar na intanet. A 2024 ana ba da suna biyu, in na farko bai samu ba a duba na biyu. Kuɗin wannan naira 500 ne lokacin da muka yi, rajistar kuma naira 10,000. Sunayen farko da ta bayar duk an dawo da su. Ɗaya ya yi kama da na wani shago da ya riga ta, domin ba a Jos kaɗai ake dubawa ba, faɗin ƙasar nan ne. Ɗayan kuma ta sa masa kalmar National don ya yi armashi, alhali kalmomi irin su National da Federal da Government sai da izini na musamman. A karo na biyu ta haɗa laƙabin kakarta da kalmar da ke nuna sana'ar, ya wuce. Sunan da aka kama kwana 60 yake jira, in ba a kammala ba ya kuɓuce.

A nan ne muka kusa yin asara. Sunanta a katin NIN ya bambanta da wanda ke BVN ɗinta da harafi biyu, irin abin nan da ake rubuta Hauwa a wata takarda, Hauwa'u a wata. Wanda ya cike mata fom ya bi yadda ta faɗa masa da baki, bai dubi katin ba, sai aka dawo da takardar da tambaya. Ita kuma ba ta duba imel, saƙon ya yi kwanaki a kwance. Da ba don ɗiyar ma'aji ta karɓi wayar ta leƙa ba, da kwana 60 ɗin sun cika. Aka gyara fom ya bi NIN harafi da harafi, aka ɗora hoton fasfo da sa hannunta a farar takarda. Satifiket ya fito ta intanet da lambar rajista ta BN a jikinsa, tare da takardar bayanin matsayin kasuwancin, aka buga aka sa a firam. Ku lura, doka ce a kafe shi inda mai shigowa zai gani, ba ado ba ne.

Wani abin takaici: kafin ta zo wurinmu, wani mai shagon kwamfuta ya nemi ta ba shi kuɗin da ya ninka na hukuma sau da yawa, kuma da imel ɗinsa da lambar wayarsa zai buɗe mata. A ganina wannan na biyun ya fi tsadar muni. Duk wanda ke riƙe da imel ɗin shi ke riƙe da mabuɗin, ranar da kuka saɓa sai ki rasa hanyar shiga bayananki. A ba mai taimako ladan aikinsa, amma imel da lambar waya su zama naki.

Abin da takardar ba ta yi

Ranar da aka kafe satifiket ta yi zaton an gama. Sai da muka zaunar da ita. Sunan kasuwanci bai raba aljihun mai shago da na shagon ba. In shago ya ci bashi, ita ake bi, har kan kayan ɗakinta. Kamfani ne ke da wannan katanga, shi kuma ɗawainiyarsa ta fi ƙarfin mai kujera biyu.

Haka kuma takardar CAC ba ta ɗauke mata kuɗin ƙaramar hukuma na shago da na allon suna ba, ba ta kuma ɗauke harajin kuɗin shiga da ake biya wa hukumar tattara haraji ta jihar Filato ba. Shawararmu ita ce kada a miƙa wa kowa kuɗi a ƙofar shago ba rasit. Ta samu lambar TIN ta mai biyan haraji, ta haɗa da satifiket da takardar wuta ta kai banki don buɗe asusun shago. A can bambancin sunan nan ya sake tasowa, sai da ta gyara na BVN kafin a buɗe mata, aka kuma ba ta POS da sunan shagon.

Wuta ce ta fi ba ta wahala, kuma a nan ta yi asarar kuɗi na gaske. Ta sayi ƙaramin janareta, irin wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, da tunanin zai riƙe ta in an ɗauke wuta. Diraya ta hannu ita kaɗai takan ja wat 1,800 zuwa 2,000. Tana kunnawa injin ya shaƙe, ƙwan fitila ya dushe, ya mutu. Wannan ita ce alamar an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma in aka ci gaba da tilasta masa ƙonewa zai yi. Duk wata na'ura da ke fitar da zafi cin wuta gare ta. Kafin a sayi inji a juya bayan kowace na'ura a karanta lambar da ke kafin harafin W, a tara na waɗanda za a kunna lokaci guda, a nemi wanda ya ɗara jimlar da rata. Ta sayar da ƙaramin da faɗuwa, yanzu karo-karo suke yi da telan da ke maƙwabtaka da ita a kan babba. Ruwan wankin kai kuwa a kan gas take dafawa, don a sanyin Jos na Disamba ba matar da za ta yarda a zuba mata ruwan randa a ka.

Riba ta zo ta inda ba ta zata ba. A bakin titi 'yan makaranta da yara ne kwastomominta, domin ba matar auren da za ta cire ɗankwali a bayan zane ɗaya maza na giftawa. Da aka samu ƙofa da labule mai kauri, sai ga matan layin suna zuwa tsifa da wankin kai da kitso a zama ɗaya. A babbar Salla ta watan Yuni har ta ɗauki yarinya mai taya ta, ta kuma ba wata mai ƙunshi gefe guda suna raba abin da aka samu. Ma'aji ta koya mata riƙe littafi mai gida uku: abin da ya shigo, abin da aka kashe wa shago, da abin da ta ɗauka don kanta. Gida na ukun ne ya nuna mata inda kuɗin haya ke zurarewa, tun daga anko har kuɗin kati. Yanzu duk Asabar take ware kason haya ta bar shi a asusun shago. Tashin kuɗin fetur na watan Satumba ya taɓa ta sosai, dole ta raba farashi biyu, na busarwa da wutar gwamnati da na busarwa da inji. Wasu sun yi ƙorafi, kaɗan sun daina zuwa.

Abin da ke gabanmu

Duk mai sunan kasuwanci sai ta kai wa CAC bayanin shekara kafin ƙarshen ranar 30 ga Yuni, ban da shekarar da aka yi rajistar. Ke nan nata na farko zai kama a 2025, kuma jinkiri na jawo tara. In ta sauya shago ma sai ta sanar da hukumar. Shugabanni sun ɗora wa mataimakiyar sakatariya tuna mata tun watan Mayu.

Waɗanda suka ba da sunansu don yin rajista a sabuwar shekara su zo taron Janairu da katin NIN, da takardar BVN daga banki, da yarjejeniyar haya in akwai, da sunaye huɗu da suke so a rubuce. Za mu fara gwada takardun da juna kafin kowa ta biya ko sisi. A kuma duba kuɗin rajista a shafin hukumar a ranar, kada a dogara da na bara.

Wassalamu alaikum.

Sakatariya, a madadin shugabanni